Ɗanye, Kwantai da Daskararre: Makomar Bitamin a Kayan Lambun Gwarzo da Kabo

Tsakure

Takardar ta duba ko daskarar da kayan lambu a firiza yana rage musu amfani a jiki, ta kuma gwada sakamakon binciken da aka yi a ƙasashen waje da yanayin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo a yammacin Jihar Kano. Matsayarta ita ce, ganyen da aka tsinko da safe aka dafa da rana ya fi kowane irin ajiya. Wanda ya kwana biyu ko uku cikin zafin bazara kuwa yana iya kasa daskararre. Fifikon daskararre yana tsayawa ne a kan sharaɗi guda, wato kada sanyinsa ya yanke, kuma wannan sharaɗin ne mafi wuyar cikawa a yankin.

Tambayar a kasuwar Getso

Daga watan Janairu zuwa Maris, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa sukan cika kasuwannin yammacin Kano har a rasa inda za a sa ƙafa. Manoman rani da ke kewayen madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu da Magaga da Pada, da na fadamun da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, duk a lokaci ɗaya suke ɗiba, don haka farashi ya faɗi. Wani kayan ya tsaya a Getso ko Garo, wani a loda shi a mota ya yi tafiyar kilomita kusan 70 daga Gwarzo zuwa birnin Kano, ya sauka a 'Yankaba. Da an shiga Mayu da Yuni, kwandon da aka yi ta roƙon mutane su saya ya zama sai mai hali.

Magidancin da ya mallaki firiza yakan ga dama a nan: ya saya da araha, ya daskarar, ya ci da tsada. Sai dai a gida da yawa akwai mai cewa abin da ya kwana a ƙanƙara ya mutu, ba sauran amfani a cikinsa, launi kawai ya rage. Maganar tana da tushe, domin tumatirin da ya narke bayan daskarewa yakan yi laushi ya tsiyaye, ido kuma ya yanke masa hukunci tun kafin baki ya ɗanɗana. Amma laushin nama daban, asarar sinadari daban, kuma yawancin ruɗanin daga haɗa biyun nan yake tasowa.

Ganye yana numfashi bayan tsinka

Alayyafon da aka yanke daga lambu bai mutu ba. Yana ci gaba da shaƙar iska yana ƙona sukarin da ke jikinsa, ga shi kuma an raba shi da saiwar da ke mayar masa da abin da ya ƙona. A cikin ƙwayoyin halittarsa akwai sinadaran inzayim, masu hanzarta sauye-sauye, waɗanda suke ci gaba da aiki: su ne suke mayar da kore ya zama rawaya, su ne kuma suke haɗa bitamin C da iskar oksijin su lalata shi. Masana ajiyar amfanin gona sun daɗe da auna cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yakan ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku.

Ba dukkan abubuwan gina jiki ne suke gudu da sauri ɗaya ba. Ƙarfen da jini ke buƙata, da kalsiyam, da dusar da ke gyara hanji, suna nan daram ko ganye ya yi yaushi. Bitamin C da folet su ne masu saurin tafiya, saboda zafi da iska da ruwa duk suna cin su. Shi ya sa masu bincike suka mayar da bitamin C ma'auni: idan ya tsira, akwai kyakkyawan zaton sauran ma sun tsira.

A 1998, wani masani mai suna Favell da ke ɗakin binciken kamfanin Unilever a Ingila ya bi sawun bitamin C a kayan lambu daga gona zuwa kicin. Alayyafon Turawa da aka ajiye a zafin ɗaki, wato wajen digiri 20, ya rasa kusan dukkan bitamin C ɗinsa cikin kwana huɗu. Wanda aka sa a firji a digiri 4 ya rasa kusan kashi uku cikin huɗu a mako guda. A 2004 kuma, Pandrangi da LaBorde na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka ga irin wannan ganye ya rasa kusan rabin folet ɗinsa cikin kwana takwas a digiri 4, amma a digiri 20 kwana huɗu kacal ya ɗauka.

A lura da abin da suka kira zafin ɗaki. Digiri 20 a Gwarzo sanyin hantsin hunturu ne. A watan Afrilu rana takan kai digiri 38 zuwa 40, kuma kayan gwari a saman mota ko a ƙarƙashin rumfar kwano suna iya fin haka zafi. Alayyafonmu ba shi ne na Turawa ba, tsiro ne daban, amma dukkansu ganye ne mai faɗi mai laushi da ke saurin zubar da ruwa. Idan aka yi amfani da ƙa'idar ninkawar nan, asarar da ke ɗaukar kwana huɗu a can za ta iya aukuwa cikin yini ɗaya ko biyu a nan. Mai kayan miya yakan yayyafa wa ganye ruwa ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, kuma dabarar tana da amfani don tana rage zafi da yaushi. Abin da ba ta iya yi shi ne dawo da bitamin ɗin da ya riga ya tafi, ko da ganyen ya miƙe ya yi shar.

Abin da ƙanƙara ke ɗauka

Sana'ar daskarar da abinci ta zamani ta samo asali daga Clarence Birdseye, Ba'amurken da ya zauna a Labrador a shekarun 1910, ya ga kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyi yana narkewa da ɗanɗanonsa. A 1930 aka fara sayar da daskararrun kayansa a shagunan garin Springfield na Jihar Massachusetts. Sirrin da ya gano yana cikin sauri. Idan ruwan jikin abu ya daskare da gaggawa, ƙwayoyin ƙanƙarar ƙanana suke fitowa. Idan ya daskare a hankali, sai su girma su zama tsinaye, su huda bangon ƙwayoyin halitta, kuma da zarar an narkar, ruwa ya kwarara. Wannan ne dalilin laushin tumatir. Shi ne kuma dalilin da ya sa latas da gurji da kokwamba ba su da rabo a firiza, domin armashinsu gaba ɗaya a ƙarmas-ƙarmas yake.

Sanyin da kansa ba ya lalata bitamin. A digiri 18 ƙasa da sifili ƙwayoyin cuta sun daina hayayyafa, numfashi ya tsaya, amma inzayim suna ɗan motsi a hankali, kuma cikin watanni za su iya sauya launi da ƙamshi. Don haka masana'antu sukan tsoma kayan a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin daskarewa, su kashe inzayim ɗin, sannan su sanyaya nan da nan. A wannan tsomi ne mafi yawan asara take faruwa, saboda bitamin C da folet suna narkewa a ruwa su bi shi. Nazarin da Rickman da Barrett da Bruhn na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa a 2007, wanda ya tattaro gwaje-gwajen shekaru masu yawa, ya nuna asarar bitamin C a aikin daskarewa tana kamawa daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari, matsakaicinta wajen rabi. Ganye ne ya fi asara, don faɗinsa ya fi taɓa ruwa. Ƙwaya irin fis da masara, masu rufaffen jiki, asararsu ba ta kai haka ba.

Wato daskararre yana biyan kuɗinsa a dunƙule rana ɗaya, sannan ya zauna kusan yadda yake har watanni. Ɗanye ba ya biyan komai ranar farko, amma kullum sai an cire masa. Tambayar ta koma ta lokaci: a wace rana ce asarar ɗanye take cim ma ta daskararre ta wuce ta?

Bincike biyu sun gwada wannan kai-tsaye. A 2015, Bouzari da Holstege da Barrett, su ma a Davis, suka ɗauki amfanin gona takwas: masara, karas, burokoli, alayyafon Turawa, fis, koren wake, da 'ya'yan itace biyu, sitiroberi da buluberi. Kowane ɗiba suka raba shi biyu, rabi a firji har kwana goma, rabi a firiza har kwana 90. A biyar cikin takwas babu wani bambancin bitamin C na a-zo-a-gani, a ukun da suka rage kuma, wato masara da koren wake da buluberi, daskararren ne ya fi. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, ya ragu a daskararren fis da karas da alayyafo. A 2017, Li da Pegg da abokan aikinsu a Jami'ar Jojiya suka kwatanta kaya uku, sabon saye, da wanda ya yi kwana biyar a firji, da daskararre. A mafi yawan awon babu bambanci. Inda aka samu bambanci, daskararre ya fi yawan rinjayar mai kwana biyar.

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe game da waɗannan sakamako. Gidauniyar masu sana'ar daskararren abinci ta Amurka ce ta tallafa wa binciken biyu da kuɗi, abin da ba ya rushe awon amma yana sa a karanta shi da ido buɗe. Na biyun ya fi shafar mu: abin da suka kira ɗanye a firji ya kwana, daskararrensu kuma bai taɓa ganin ɗaukewar wuta ba. A Gwarzo da Kabo dukkan ɓangarorin biyu sun fi haka shan wuya.

Ɗaurin alayyafo, hanya uku

A ɗauki giram 100 na ɗanyen alayyafo. Teburin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya ba shi miligiram 43 na bitamin C, kusan daidai da miligiram 45 da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta wa baligi a yini. Lissafin da ke biye na misali ne, an gina shi a kan alkaluman da aka ambata a sama.

Matar manomi a gefen Guzu-Guzu, wadda aka kawo wa ganyen da hantsi ta sa a tukunya kafin azahar, tana farawa da kusan dukkan 43 ɗin. Babu firizar da za ta ba ta abin da ya kai wannan, kuma duk mai ce mata daskararre ya fi nata bai yi mata adalci ba. Maƙwabciyarta da ta tsoma irin ganyen a ruwan zafi ta daskarar a ranar, idan aka ɗauki matsakaicin asarar rabi, tana da wajen 20, kuma za ta same shi kusan haka bayan wata biyu muddin sanyi bai yanke ba. Ta uku tana Kano, a Kabuga ko Rijiyar Zaki. Ganyenta an yanke shi ranar Litinin da yamma, ya kwana a buhu, ya hau mota, ya yini a hannun dillali, mai tebur ya saya ranar Talata, ita kuma ta saya ranar Laraba, ta dafa rabi ta bar rabi zuwa Alhamis. A zafin Afrilu, babu mamaki nata ya riga ya sauka ƙasa da 20 tun kafin ta kai shi gida. Duk da haka ita ce za ta ce ɗanye take ci.

Daga nan dukkansu uku za su haɗu da tukunya, kuma tukunya takan ci fiye da abin da firiza ta ci. Yanka ganye ƙanana kafin a wanke shi yana buɗe wa bitamin ƙofar bin ruwa, don haka wankewa ya kamata ya riga yanka. Tafasa zogale ko rama ko yakuwa a zubar da ruwan, kamar yadda ake yi in za a yi kwaɗo, tsomi ne mai tsawo wanda ya fi na masana'anta asara. Kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi ko kuɓewa ta yi yauƙi tana lalata bitamin C da bitamin B1, domin dukkansu ba sa jure ruwa mai kanwa. Miyar da ta yi awa guda tana ɓararraka da kanwa a ciki ta shafe bambancin matan nan uku. Shi daskararren ganye ya riga ya sha rabin dahuwa, saboda haka a ƙarshe ake zuba shi, kai-tsaye daga firiza ba tare da an narkar ba, ya yi 'yan mintoci a sauke.

Wani zai ce bitamin C ɗin me, ga lemo ga gwaba. Amsar tana cikin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙarfen da ke cikin gero da dawa da wake da ganye yana da wuyar shiga jiki, kuma bitamin C da aka ci tare da shi a kwano ɗaya yana sauƙaƙa shigarsa. A gidan da nama ba kullum ba, ɗan abin da ya tsira a cikin miya yana yin aikin da ya fi girmansa.

Abokin karawa na gaskiya

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, idan kayan miya suka yi tsada, ba a kwatanta daskararre da ɗanye, domin ɗanyen babu shi ko ya fi ƙarfin aljihu. Abin da ke cikin rumbu shi ne kauɗar tumatir da busasshen tattasai da busasshiyar kuɓewa da garin kuka. Shanya tsohuwar fasaha ce da ba ta buƙatar wuta, tana kuma riƙe ma'adinai da dusa. Amma kwanakin da yankakken tumatir yake yi a rana, a kan tabarma ko a bakin titi, suna cinye mafi yawan bitamin C, hasken rana kuma yana rage karotin, ban da ƙura da yashi. Ganyen da aka shanya a inuwa mai iska ya fi na rana riƙe launi da karotin. Idan aka ajiye daskararre kusa da kauɗa, a fagen bitamin C daskararre ne a gaba da rata mai yawa.

Tattasai ne ya fi dacewa da firiza a duk kayan yankin. Jan tattasai yana ɗauke da miligiram fiye da 120 na bitamin C a giram 100, kusan ninki tara na tumatir mai wajen 14, kuma ba ya buƙatar tsomi a ruwan zafi. A wanke, a tsane, a cire 'ya'yan, a yanka, a daskarar. Haka attaruhu da albasa. Tunda an tsallake matakin da ya fi asara, abin da ya shiga shi ne kusan abin da zai fito. Kuɓewa tana son tsomi, minti uku ga ƙanana, a ɗan ƙara wa manya, kuma a tsoma ta ɗungurungum kafin a yanka don kada yauƙin ya bi ruwa. Ganye minti biyu ya ishe shi. Ruwan ya zama mai yawa, kamar lita huɗu ga rabin kilo, don ya koma tafasa da wuri, sannan a juye kayan a ruwa mai ƙanƙara na tsawon lokacin da suka yi a wuta. Tsomin da bai kai ba ya fi rashin tsomi illa, don yana zaburar da inzayim ne bai kashe su ba.

Kwandon tumatir da firiza mai lita 200

Kuskuren da aka fi yi a lokacin araha shi ne a sayo babban kwando, a markaɗe, a ɗura a manyan robobi, a cika firiza da shi rana ɗaya. Firizar gida ba ta da ƙarfin hakan. Ƙa'idar da masu koyar da ajiyar abinci suke bayarwa ita ce kada sabon kaya ya wuce kilo ɗaya da ɗan ɗori ga kowace lita 28 ta cikin firiza a yini guda. Firiza mai lita 200 ke nan za ta iya daskarar da kilo 7 zuwa 9. Kwandon da ya kai kilo 50 zai buƙaci kusan mako. Idan aka tura shi gaba ɗaya, gefen robar zai yi ƙanƙara, tsakiyar kuma ta zauna da ɗumi har ta fara tsami, sannan ɗumin sabon kayan ya sassauta naman da ya tarar a ciki.

Mafita ita ce wadda mata da yawa suka riga suka sani: a tafasa markaɗen har ruwa ya ƙone. Kusan kashi 95 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, don haka kilo 50 zai iya komawa 16 ko 17 idan aka ƙone shi zuwa sulusi, aikin kwana biyu ke nan ga firizar. Tafasawar za ta ci wani ɓangare na bitamin C, amma tumatir dama ba shi ne babbar taskarsa ba. Laikofin, sinadarin da ya ba shi ja, yana jure zafi, jiki ma ya fi samun sa daga dafaffen tumatir mai ɗan mai. Dabarar da ta fi ita ce a ƙone tumatir shi kaɗai, a daskarar da tattasai ɗanye a gefe, su haɗu a tukunya ranar girki. A bar markaɗen ya huce, a ɗura a leda gwargwadon miya ɗaya, a matse iska, a shimfiɗa ta ta yi faɗi kada kaurinta ya wuce yatsa biyu. Siririyar leda tana daskarewa da wuri, kuma ba sai an narkar da na mako don a ɗebi na yau ba.

Inda wuta ke yanke hukunci

Daga ƙarshen shekarun 1940, ɗakin binciken Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke Albany a Kalifoniya ya shafe shekaru yana auna yadda daskararren abinci ke lalacewa a mizanin sanyi daban-daban. Alkaluman da aka gada daga irin wannan aiki sun nuna koren wake yana ɗaukar wata 16 kafin ya rasa rabin bitamin C ɗinsa a digiri 18 ƙasa da sifili. A digiri 12 ƙasa da sifili wata huɗu ne. A digiri 7 ƙasa da sifili wata ɗaya. A duk matakan nan uku, in an taɓa ledar za a ji ta da tauri. Taurin ƙanƙara ba ya shaida cewa sanyin ya kai, kuma firizar da take samun wuta awa shida ta rasa awa goma sha takwas tana iya yin rayuwarta a wannan tsakanin, kaya a daskare a ido, bitamin yana tafiya.

Firizar da take cike, idan ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta, mai rabin kaya kuma awa 24. Wannan ƙiyasin ƙasashe masu sanyi ne, a ɗakin kwano cikin bazara sai a rage. Cike gurbin da babu kaya da robobin ruwa yana ƙara mata juriya. Alamomin narkewa da sake daskarewa kuwa a fili suke ga wanda ya san su: yankakken tattasan da ya kamata ya riƙa warwatsewa ya dunƙule ya zama curi ɗaya, ko ƙanƙara kamar gishiri ta taru a cikin leda, ko jan ruwa ya kwanta a ƙasanta ya daskare. Wannan ruwan daga jikin kayan ya fito, da bitamin a cikinsa. Fararen tabo busassu a jikin kuɓewa ko karas alamar iska ce ta shiga leda, ba sa cutarwa amma sun ci ɗanɗano. Mai tafiya zai iya daskarar da ruwa a kofi ya ɗora kwabo a sama. In ya dawo ya tarar da kwabon a gindin kofi, komai ya narke a bayansa, ko da yanzu ya sake tauri.

Narkewa tana da haɗarin da ya wuce asarar bitamin. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tana tsayar da su ne kawai, kuma suna farkawa da zarar ɗumi ya dawo. A 2018 hukumomin Turai suka gano cewa daskararriyar masara da wasu kayan lambu daga wata masana'anta a Hungary su ne tushen ɓarkewar cutar Listeriya da ta kama mutane a ƙasashe biyar tun daga 2015, har wasu suka rasu. Wasu daga cikin masu sayen irin waɗannan kaya sukan ci su ba dahuwa. Daskararren kayan lambu na tukunya ne, ba na haɗin salak ba. Markaɗen da ya narke ya yi kumfa ko warin tsami, ko ledarsa ta kumbura, zubarwa ya kamata.

Saboda wannan ne takardar ba ta ganin firiza a matsayin amsa ga kowane gida a yankin. Ga mai sola da batir, ko mai shagon ƙanƙara da dama injinsa ba ya mutuwa, daskarar da tattasai da ƙonannen tumatir a watan Fabrairu ciniki ne mai riba ga aljihu da jiki. Ga wanda ke jiran wutar layi kaɗai, ya fi masa ya rage saurin asarar ɗanyen. Tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki ne da tururin ruwa, don haka ta fi ƙarfi a busasshiyar iskar rani, daidai lokacin da kayan gwari suka fi yawa. Ɗakunan sanyi masu aiki da rana irin na kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, suna riƙe kaya a wajen digiri 5. Waɗannan sanyayawa suke yi, ba sa daskarwa. Suna ƙara wa kaya kwanaki, ba za su kai tattasan Fabrairu zuwa Yuli ba.

Gwajin da za a iya yi a nan

Awon bitamin C ba ya buƙatar manyan na'urori. Akwai wani shuɗin rini, indofinol, wanda launinsa ke ɓacewa idan ya haɗu da bitamin ɗin, kuma ɗalibin kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero, ko ma'aikacin reshen Kano na cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta ƙasa, zai iya yin sa da kayan ɗakin gwaji na yau da kullum. Tsarin da takardar ke ba da shawara shi ne a ɗebi alayyafo da kuɓewa da tattasai daga lambu ɗaya a Kabo da asuba, a auna nan take, sannan a raba kashi biyar: na rumfa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, na tukunyar yashi, na shanya, na firizar sola, da na firizar wutar layi. Biyun farko a riƙa auna su kullum har kwana huɗu, sauran ukun duk wata har Yuli. A kowace firiza a jefa ƙaramar na'urar da ke rubuta zafi awa-awa, domin a san yawan sa'o'in da kayan suka yi sama da digiri 18 ƙasa da sifili. A yi gwajin sau biyu, a Janairu da kuma Afrilu, kuma kowane samfuri a sake auna shi bayan an dafa shi a miya, da kanwa da kuma ba kanwa.